Kaɗawa: Yadda jinya da kuɗin maganin uwa ke raba kan 'ya'yanta bayan rasuwar maigida

A yankin noman rani na Kaɗawa, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam a Jihar Kano, kuɗi na shigowa gidan manomi sau biyu ko uku ne a shekara: idan an casa shinkafa, idan an yanke alkama, da kuma 'yan makonnin da ake ɗibar tumatir. Shi kuwa maganin hawan jini da na ciwon suga kullum ake shansu, ba ruwansu da kaka ko bazara.

A tsakanin waɗannan lissafi biyu da ba sa haɗuwa ne ake samun ɗaya daga cikin rigingimun da suka fi cin zumunci a gidajen yankin, wato wa zai riƙe tsohuwa bayan rasuwar mijinta, kuma daga aljihun wa maganinta zai fito.

Da wuya a ji wani ɗa ya buɗe baki ya ce ba zai kula da mahaifiyarsa ba. Kowa na cewa yana yi, kuma sau da yawa kowa gaskiya yake faɗa. Abin da ke faruwa shi ne, kowane ɗaya na ƙirga abin da ya fita daga hannunsa, ba ya ganin na ɗan'uwansa, sannan akwai abubuwa biyu da kusan ba a sa su a lissafin gaba ɗaya: rabon da ita uwar take da shi a gonar mijinta, da kuma wahalar wadda ke kwana a ɗakinta.

Gona mai daraja, aljihu babu kuɗi

Ruwan da ke shayar da Kaɗawa daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da aikin. Gonakin da ke cikin tsarin a hannun manoma suke, ana gadonsu, ana bayar da hayarsu, ana jinginar da su. Da yake ana noma su rani da damina, eka ɗaya a nan ta fi eka ɗaya a tudu daraja nesa ba kusa ba.

Wannan darajar ce ke sa 'yan'uwan da ke zaune a birni su ɗauka cewa wanda ke riƙe da gonar gado yana cikin kuɗi. Shi kuwa manomin ya san cewa abin da ya samu a shinkafar damina wajen Nuwamba, kafin ya juya ya tafi a irin alkama da taki da kuɗin ruwa da 'yan ƙwadago. Tumatir kuma caca ce. Idan kowa ya ɗebo a lokaci guda farashin kwando na faɗuwa a kasuwar Kwanar Gafan, idan kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta sauka, kamar yadda ta yi a 2016, gona guda na iya ƙonewa cikin 'yan kwanaki. Ko kamfanin tumatir na Ɗangote da aka buɗe a Kaɗawa a wannan shekarar bai zame wa manoma kasuwar da za su dogara da ita kowace kaka ba, domin ya sha tsayawa da aiki.

Ga kuma tsadar magani. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, farashin magunguna ya yi tashin da kowane mai jinya ya ji a jikinsa, kuma a watan Agustan wannan shekarar kamfanin GSK ya sanar da daina harkarsa kai-tsaye a Najeriya. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa, tsohuwar da ba ta da fansho ba ta da wata madogara sai 'ya'yanta.

Gida ɗaya, hujja biyar

A ɗauki misalin gida irin wanda za a iya samu a kowane ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Maigida ya rasu ya bar mace ɗaya da 'ya'ya biyar, maza biyu mata uku, da gona eka huɗu a bakin ruwa. Uwar ta haura shekara saba'in, tana da hawan jini da ciwon suga, ga ciwon gwiwa da ya sa ba ta iya zagayawa sai an kama ta.

Babban wa, wanda kowa ke kira Yaya, shi ke zaune a gidan da iyalinsa, shi ke noma gonar baki ɗaya tun mahaifinsu na da rai. Hujjarsa ita ce, tuwon da Inna ke ci daga rumbunsa yake fitowa, a gidansa take kwana, kuma idan ciwo ya tashi da tsakar dare shi ke neman abin hawa zuwa Babban Asibitin Kura. Don haka a ganinsa magani na wanda ke karɓar albashi ne.

Ƙaninsa ma'aikaci ne a cikin birnin Kano. Shi ya fara kai ta asibiti aka gano ciwon, shi ya fara sayen maganin, kuma daga nan abin ya zama nasa ba tare da an zauna an ce nasa ba ne. Yana da kuɗin haya da kuɗin makarantar yara. Abin da ke ci masa rai shi ne, yana da gado a gonar da Yaya ke nomawa, amma abin da ke iso shi bai wuce buhun shinkafa ɗaya ko biyu da kaka ba. Ya taɓa cewa a kawo masa Inna birni kusa da likitoci, ita kuma ta ce ba za ta bar ɗakin da mijinta ya bar ta ba.

Babbar 'yar tana aure a Kura, tana sayen shanshera ta turara, a kai inji, ta sayar. A gaskiya kuɗi sun fi juyawa a hannunta fiye da na Yaya a yawancin watannin shekara. Tana aiko da nama da sabulu da atamfa, amma tana ganin ciyar da iyaye da maganinsu nauyin maza ne, tunda su ke ɗaukar kashi biyu a gado.

Ta tsakiyar tana aure a Bunkure, ba ta da sana'a, kuma fitarta sai da izinin miji, wanda ba ya son ta riƙa kwana a waje.

Sai auta, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida. Ita ke yi wa Inna wanka, ta wanke mata kaya, ta dama mata kunu, ta tashi da ita sau uku a dare. Ba ta ba da ko kwabo, saboda haka idan ana maganar wa ya yi me, ba a ma ambaton sunanta. Idan wani ya fito neman aurenta kuwa, sai gidan ya yi tsit, domin kowa ya san abin da tafiyarta ke nufi. Matar Yaya tana taimakawa, amma ta san, kamar yadda kowa ya sani, cewa jinyar suruka kyautatawa ce ba wajibinta ba.

Tumunin da ba a fitar ba

Abu na farko da malamin da ya san rabon gado zai tambaya idan aka kai masa irin wannan ƙorafi shi ne, an raba gadon kuwa? Sau da yawa amsar ita ce a'a. An yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, uwar ta gama takabarta ta wata huɗu da kwana goma, aka bar gona a hannun babba don kada a ce ana gaggawar raba gida.

Ga yadda lissafin yake idan mamacin bai bar iyaye ba, kuma an biya bashinsa da wasiyyarsa. Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya tana da kashi ɗaya cikin takwas, wanda ake kira tumunin takaba. A eka huɗu, rabin eka ke nan. Sauran eka uku da rabi a raba wa 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu: maza biyu kowa eka ɗaya, mata uku kowacce rabin eka.

Ma'ana, Yaya yana noma eka huɗu alhali tasa guda ce tak. Kuma tsohuwar da ake ta ce-ce-ku-ce a kan wa zai saya mata ƙwaya, tana da rabin eka na kanta a ƙasar da ake noma sau biyu a shekara. Da za a ƙiyasta hayar wannan rabin eka a kan farashin da ake bayarwa a unguwar, rani da damina, a riƙa ware kuɗin da sunanta, da an rage wani ɓangare na kuɗin maganin tun kafin a juya kan kowa.

Ba lallai sai an yanka gonar gida shida ba. Manoma na da gaskiya idan suka ce rabin eka a ƙarshen magudanar ruwa ba ɗaya yake da rabin eka a bakinta ba, kuma yayyanka fili na kawo rigimar ban-ruwa. Ana iya barin gonar a dunƙule a hannun Yaya, amma a rubuta cewa haya yake yi a kan rabon kowa. Shi ma yana da abin da zai sa a ma'auni, wato abincin da yake ciyar da ita da kuɗin motar asibiti. Abin da bai kamata a karɓa ba shi ne jinginar da rabon uwar don a samu kuɗi a dunƙule, domin kuɗin jingina kan ƙare cikin 'yan watanni, ciwon yana nan, gonar kuma ta fita daga hannu har sai ranar da aka fanso ta.

Abin da littattafan Malikiyya suka ce

Mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a a Kano ke aiki da ita, ba ta bar wannan batu a duhu ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai a faɗin ƙasar Hausa, ta sanya ciyar da iyaye matalauta cikin abubuwan da suka wajaba a kan mutum. Sharaɗi biyu ne: iyayen su kasance ba su da abin da zai ishe su, ɗan kuma ya kasance yana da abin da ya ragu bayan buƙatarsa da ta iyalinsa. Shi ya sa ake fara duba dukiyar uwar kanta, sai abin da ya gaza ya hau kan 'ya'ya.

Wurin da mutane da yawa ke yin kuskure shi ne zaton cewa wannan nauyi na maza ne kaɗai. A Malikiyya yana kan duk ɗan da ke da hali, namiji ne ko mace. Mukhtasar na Shaihu Khalil ya kawo ra'ayi uku a kan yadda za a raba shi tsakanin masu halin: daidai-wa-daida, ko gwargwadon rabon gado, ko gwargwadon wadatar kowa. Na ƙarshen ne manyan masu sharhi suka rinjayar.

A gwada shi a gidan nan. A ce abin da ya rage na magani da gwaji da kuɗin mota, bayan an cire hayar gonarta, naira 30,000 ne a wata. Ta Bunkure da auta ba su da abin hannu, don haka babu komai a kansu a kowane ra'ayi. Saura uku. Idan daidai-wa-daida ne, kowa 10,000. Idan da rabon gado ne, maza biyu kowa 12,000, mai shinkafa 6,000. Idan kuwa da wadata ne, sai an dubi abin da kowa ke samu da nauyin da ke kansa, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar mai shinkafa ta fi Yaya ɗaukar kaso. Ke nan hujjarta ta cewa ita mace ce ba ta tsaya ba, haka ma hujjar Yaya ta cewa mai albashi ya ɗauka shi kaɗai.

Akwai kuma wani hukunci da ba a cika ambatonsa ba. Littattafan sun haɗa da ɗaukar nauyin mai yi wa iyaye hidima a cikin abin da ke kan 'ya'ya masu hali. Wato fiƙihu ya daɗe da ɗaukar hidima a matsayin abu mai farashi. Idan auta ce ke yin ta, to ta riga ta biya nata da jikinta, kuma tana sauke wa sauran wani nauyi da da sai sun ɗauko mai aiki sun biya. Mafi ƙarancin adalci shi ne sutura da sabulunta da ɗan abin kashewa su shiga lissafin wata, kuma a tsara ranakun da wata za ta karɓe ta. A nan ne ta Bunkure ke da abin bayarwa, kwana biyu a mako, idan dattawan gida suka je suka yi wa mijinta magana da girmamawa maimakon aika saƙo ta bakinta.

Inda jikin tsohuwa ke biyan bashin rigimar

Duk tsawon lokacin da ake wannan ja-in-ja, abin da ke faruwa a ɗakin Inna ƙarami ne a ido. Likita ya rubuta mata, a ce, amlodifin ƙwaya ɗaya kullum saboda hawan jini, da metfomin sau biyu a rana saboda suga. A wata guda ƙwaya 30 ke nan da ƙwaya 60. Idan kuɗin birni ya makara da kwana goma, sai a je kemis a sayo na kwana uku, ko a riƙa ba ta rana ɗaya a tsallake ɗaya, ko kuma ita da kanta, da ta ji ana faɗa a kanta, ta ce ta ji sauƙi a bar shi.

Hawan jini kuwa ba ya aiko da manzo. Mutum na iya jin garau alhali awonsa ya wuce 140 a kan 90 da nisa, don haka jin sauƙi ba shaida ba ce, na'urar awo ce shaida. Ranar da aka ga baki ya karkace, ko hannu da ƙafa na ɓari ɗaya sun saki, ko magana ta sarƙe, to shanyewar ɓarin jiki ce, kuma asibiti za a nufa nan take, ba jira za a yi gari ya waye ba. Daga nan maganar ta tashi daga kuɗin ƙwaya ta koma ta gado a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, da hoton ƙwaƙwalwa, da gashin ƙashi, da mutum biyu da za su riƙa juya ta. Abin da aka yi wata shida ana jayayya a kansa bai kai kuɗin mako guda na wannan ba.

Rashin jituwar na da wata illa da ba a lura da ita. Kowane ɗa na so a ga ya yi wani abu, sai ya zo da nasa maganin. Mai shinkafa ta aiko da maganin ciwon gwiwa irin su dikilofenak, wanda idan aka daɗe ana sha yana ɗaga hawan jini, ya taɓa ƙoda, ya ci ciki. Yaya ya karɓo jiƙo a wajen mai magani. Na birni ya canza ƙwaya da wata da abokinsa ya ce ta fi kyau. Ba wanda ya san duk abin da ke shiga cikinta sai auta, ita kuma ba a tambayarta.

Masu ciwon suga da aka ɗora a kan irin gilibenkilamaid ko allurar insulin suna da haɗari na daban. Idan tsohuwa ta sha magani ba ta ci abinci ba, suga na iya faɗuwa ƙasa, sai a ga gumi da karkarwa da ruɗewa, har a zaci iska ce ko gigin tsufa. Idan tana iya haɗiya, ruwan suga ake fara ba ta, sannan a kai ta a duba. Wanda ke kwana da ita ne ya kamata ya san wannan, shi ya sa ranar ganin likita bai kamata a bar mai jinyar a gida ba.

Yadda ake ɗaure maganar

Inda aka samu maslaha, yawanci ba a kotu ake samunta ba. Kawu ko baffa ne ke tara su, ko limamin unguwa, wani lokaci a gaban mai unguwa ko dagaci. Idan abin ya gagara akwai ofisoshin Hisbah da ke sulhunta rigimar iyali, kotun Shari'a kuma tana da hurumin raba gado da yanke ciyarwa. Sai dai uwaye kaɗan ne za su yarda a ce sun kai ɗansu gaban alƙali a kan abinci, da yawa sun gwammace su haƙura da maganin.

Zaman da ke ɗorewa shi ne wanda ya yarda cewa kuɗin kowa ba lokaci ɗaya yake zuwa ba. Manomi ba zai iya ba da kuɗi kowane ƙarshen wata ba, amma yana iya ba da na wata huɗu a dunƙule idan ya sayar da shinkafa, ya sake bayarwa bayan alkama. Mai albashi da mai sana'a su riƙe watannin tsakiyar damina, lokacin da komai na manomi ke cikin ƙasa. Idan likita ya tabbatar cewa awonta ya daidaita a kan magani iri ɗaya, ana iya sayen na wata biyu ko uku lokaci guda, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, a ajiye inda zafi ba ya kai wa. Yana da kyau kuma a tambayi likita ko mai harhaɗa magani ko akwai irinsa na wani kamfani mai sauƙin kuɗi, domin sau da yawa sinadarin ɗaya ne, sunan da ke jikin kwali ne ya bambanta.

Akwai ƙofar gwamnati ma da ya dace a ƙwanƙwasa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma a Kano hukumar KSCHMA ce ke yi wa masu rauni rajista a ƙarƙashinsa, ciki har da tsofaffi, ta hannun asibitocin mazaɓu. Guraben ba sa isar kowa, kuma samun kati ba ya nufin za a tarar da kowane magani a kowane lokaci, amma ko awon jini da na suga kaɗai aka samu a kusa da gida, an rage kuɗin motar zuwa Kura ko birni.

Sauran aikin na littafi ne ɗan naira kaɗan da za a ajiye a ɗakin Inna. A shafi ɗaya a rubuta sunan kowane magani da lokacin shansa da awon da aka samu a kowace ziyara. A ɗaya shafin a rubuta abin da ya shigo da sunan wanda ya kawo, har da hayar rabin ekarta, da kwanon shinkafar Yaya, da kwanakin da kowace 'ya ta kwana a wajenta. Kuɗin maganin kuma a damƙa shi ga mutum ɗaya da kowa ya amince da shi, a sa ranar sayen sabo ta zama mako guda kafin na hannu ya ƙare.